Yara 540 da ƙofa guda: yadda muka tsara hanyar fita a makarantarmu

Ranar Litinin 8 ga watan Nuwamba na 2021, da yamma, ina zaune ƙofar gida a nan Tawa ina gyaran kwafin ɗalibai, sai rediyo ya kawo labarin Maraɗi. Wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara aƙalla 25 sun rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida. Ɗiyata ta ƙarshe tana gabana tana wasa da ƙasa. Shekararta shida, tana aji ɗaya, kuma ajinsu na zana ne, a makarantar da ni kaina nake koyarwa.

Ba wannan ne karo na farko ba a shekarar. Ranar 13 ga Afrilu wuta ta cinye azuzuwan zana a makarantar unguwar Pays-Bas da ke Yamai, yara kimanin 20 suka mutu, akasarinsu ƴan rainon yara. Abin da ya tsaya mini a rai daga labarin Yamai shi ne abin da aka ruwaito cewa wutar daga wajen ƙofar shiga ta taso, kuma babu wata ƙofar. Manyan yara suka haura katanga. Ƙananan da ba su iya haurawa su ne suka rage. A lokacin na yi jimami, na yi addu'a, na koma aji. Sai da ta sake faruwa a Maraɗi na tuna da maganar magabata cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na rubuta wannan ne don malamai da iyayen da makarantarsu ta yi kama da tamu. Ni ba ɗan kwana-kwana ba ne. Malamin makaranta ne da ya fito daga makarantar horon malamai ta Tawa shekara ashirin da ƴan kai da suka wuce. An koya mana yadda ake shirya darasi da yadda ake riƙe rajista, amma ban tuna ranar da aka koya mana yadda ake fitar da yara tamanin daga ɗaki ɗaya ba. Abin da zan faɗa da awo da agogo muka koye shi, da kuma kuskure guda da har yau nake jin kunyarsa.

Aikina na farko a wani ƙauye ne na arewacin Adar, can wajen Barmu. Makarantar ba ta da katanga. Rumfa uku ce a fili, akuya ta shiga ta fita, jaki ya ratsa. Muna ta kukan rashin katanga a lokacin. Amma da wuta ta tashi a can, kowane yaro zai ruga ta inda fuskarsa ta duba, kuma zai tsira. A gari katangar da ke kare yaranmu daga babura da dabbobi ita ce kuma ke tsare su ciki ranar da ake son su fita. Wannan ne tushen matsalar, kuma sai da na shekara da yawa a birni kafin in gan shi.

Ga yadda makarantarmu take a wancan lokaci. Fili ne mai tsawon mita 70 da faɗin mita 50, katanga ta kewaye shi, tsayinta ya wuce kan babban mutum. Azuzuwa takwas: biyar na siminti a jere jikin katangar kudu, uku na zana. Ɗalibai 540. Ƙofa ɗaya ce, a kusurwar kudu maso yamma. Ƙofar ƙarfe ce mai ganye biyu, faɗinta mita uku, amma kullum da kwaɗo a jikinta. Ta ƴar ƙaramar ƙofar da aka yanka a jikin ganye ɗaya kowa ke shiga yana fita, ita kuwa faɗinta santimita 80 ne, kuma tana da ƙarfe a ƙasa wanda sai an ɗaga ƙafa an tsallake.

Washegarin labarin Maraɗi, da aka tashi ƙarfe goma sha biyu, na tsaya gefen ƙofa da agogon wayata. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙidaya yaran da ke wucewa cikin minti ɗaya, na sake har sau uku. Kusan 45 ne kowane minti, kuma wannan cikin kwanciyar hankali, ba tsoro ba turereniya. Lissafin ɗan aji huɗu ne: 540 a raba da 45, minti goma sha biyu ke nan kafin yaro na ƙarshe ya fita.

Sai na so in san minti nawa wuta za ta ba mu. Akwai wata tsohuwar zana da aka yar bayan makewayi tun bara. Ranar Asabar, ba yara, ni da Baba maigadi muka jingina ta a tsakiyar fili, muka ajiye bokitin ruwa da yashi, muka kunna mata ashana daga ƙasa. Iskar hunturu ta fara kaɗawa a lokacin. Ba a yi minti biyu ba ta zama toka, tartsatsinta kuwa ya yi tafiyar da ta fi taku goma. Baba ya dube ni, ya ce, "Mushe, wannan ai ko wanda ke da ƙafa sai ya yi da gaske."

Minti biyu a gefe guda, minti goma sha biyu a ɗayan. Da waɗannan lambobi biyu na je wurin darakta, kuma su ne suka sa ya kira taron malamai da kwamitin kula da makaranta. Shawarata ta farko ga duk mai son fara wannan aiki ita ce ya auna kafin ya yi magana. In ka ce "ƙofarmu ta yi ƙanƙanta", za a ce haka take tun da aka gina ta. In ka ce "minti goma sha biyu", za a yi shiru.

Abu na farko da muka gane a taron shi ne ba ƙofar ce kaɗai matsala ba, har da abin da muka jibge a bakinta. Rumfunan zana uku suna taku goma daga ƙofa, ta gefen arewa maso gabas, a manne da juna, don a rage kuɗin itace da zana. Iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, daga arewa maso gabas take busowa. Wato da rumfa ɗaya ta kama, iska za ta kwashi hayaƙi da tartsatsi ta zuba su daidai kan ƙofar da muke son yara 540 su bi. A bakin ƙofar kuma, daga waje, mata masu suyar ƙosai da fanke ke hura wuta, daga ciki kuwa nan muke jera baburanmu, kowane da mai a tanki. Ban da wannan, da muka ce a buɗe babbar ƙofar mu gani, sai aka nemi mabuɗi aka rasa, yana aljihun maigadi, shi kuma ya tafi ɗebo ruwa. Da ya dawo aka cire kwaɗo, ganye ɗaya ya buɗe rabi ya tsaya, domin ciki yake buɗewa, kuma yashin da iska ta tara shekara da shekaru ya toshe bayansa.

Waɗannan ba su ci mana ko dala ba. Aka kwashe yashi da shebur, aka sa wa ƴan aji biyar aikin share bayan ƙofa duk Litinin. Babura suka koma can jikin katangar gabas. Ƙungiyar iyaye mata ta roƙi masu suya su matsa taku talatin zuwa gindin wata bishiya, kuma da yake ƴaƴansu ma suna cikin makarantar, ba a sha wahala ba. Maganar kwaɗo ce ta jawo muhawara. Wani uba ya ce, "Malam, ka san halin da arewacin jiharmu ke ciki. Ka ce a bar ƙofar makaranta a buɗe?" Yana da gaskiya, kuma ko ba wannan ba, ƴan aji ɗaya suna sulalewa gida in sun ga hanya. Muka tsaya a kan cewa daga ƙarfe takwas har a tashi, babu kwaɗo a ƙofar, sai sakata daga ciki, a sama, inda ƙaramin yaro ba ya kaiwa amma kowane malami ko babban ɗalibi zai zare ta da hannu ɗaya. Daga waje a rufe take, daga ciki kuwa ba a bukatar mabuɗi.

Abu na biyu shi ya fi yi mini ciwo, domin ni ya shafa. Su wa ke cikin rumfunan zana? Aji ɗaya guda biyu, masu yara 84 da 80, da aji biyu guda ɗaya mai yara 66. Yara 230, mafi ƙanƙanta a makarantar. Dalilin kowa ya san shi: manya suna da jarrabawa, suna bukatar allo mai kyau da ɗakin da iska ba ta kwashe musu takardu. Ni ke riƙe da aji shida, kuma ɗakina ya fi na kowa kyau. Bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin azuzuwan zana, amma ɗan aji ɗaya da shekara ɗaya kacal ya girmi ɗan rainon yara. In wuta ta tashi, yaro ɗan shekara shida yakan tsaya cik, ko ya shige ƙarƙashin benci, ko ya koma ɗaukar takalminsa. Ɗan shekara goma sha biyu yakan yaga zana ya fita.

Madam ɗin da ke riƙe da aji ɗaya ce ta faɗi abin da kowa ke kauce wa. Ta ce, "Mushe, kai ka kawo maganar. To, ba mu ɗakinka." Na yi shiru. Na tuna ƙurar Janairu da zafin Afrilu da sakamakon jarrabawar da ake auna ni da shi. Na kuma tuna wadda na bari a gida tana wasa da ƙasa. A makon muka yi musaya: aji huɗu da biyar da shida, yara 172, suka koma zana, ƙanana suka shiga siminti. Wasu iyayen ƴan aji shida sun yi fushi, ɗaya har ya cire ɗansa. Ban ga laifinsa ba.

A hutun ƙarshen Disamba muka warware rumfunan muka sake kafa su a kusurwar arewa maso yamma, nesa da ƙofa, mita shida tsakanin kowace da ƴar'uwarta, iyakar abin da fili ya ba mu ke nan. Kowace rumfa muka yi mata mafita biyu, gaba da baya, kuma muka hana ɗaure zanar gefe da waya. Da igiyar kaba ake ɗaurewa, sama kawai, yadda in an tura ta da kafaɗa za ta buɗe.

Sai cikin ɗakin siminti. Kada wanda ajinsa na siminti ne ya ce shi ya tsira. Ɗakin mita tara ne da mita bakwai, tagoginsa na ƙarfe ne da ko kyanwa ba ta fita, ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 90, ita ma ciki take buɗewa. A dokar gine-ginen jama'a ta Faransa, wadda ba ita ke mulkinmu ba amma tana da amfani a matsayin ma'auni, ɗakin da ya ɗauki mutum fiye da 19 sai da mafita biyu, wanda ya wuce mutum 50 kuwa dole ƙofarsa ta buɗe waje. Mu muna da yara 84 da ƙofa ɗaya mai buɗewa ciki. Haɗarin irin wannan ƙofa shi ne in yara suka danno ta a rufe, nauyinsu ne zai hana ta buɗewa, kuma duk ƙarfin malami ba zai ja ta ba. Kafin mu samu kuɗin mai walda ya juya mana ƙofofin, muka kafa ƙugiya a bango: muddin akwai yara a ɗaki, ƙofa a buɗe take, a maƙale.

Da muka gwada fitar ajin Madam karo na farko, mun ce musu kawai "ku fita", ya ɗauki minti biyu da sakan goma. Muka tsaya muka duba inda lokacin ke tafiya. Benci huɗu-huɗu ne a jere, hanyar tsakaninsu ba ta kai santimita 50 ba, jakunkuna a ƙasa, takalma tuli a bakin ƙofa, ga teburin malama dab da mafita. Yara kuma daga kowane layi suna isowa ƙofa lokaci guda, sai su cushe kamar hatsi a bakin mazurari. Muka matsar da bencina aka samu hanya biyu masu faɗin santimita 80. Teburin malama ya koma ɗaya gefen. Takalma kowa ya bar su a ƙafarsa. Muka ba layuka lamba: layin da ke kusa da ƙofa shi ke fara fita, sai na biye, kowa ya bar jakarsa, tafiya da sauri ba gudu ba. Bayan gwaji huɗu, yara 84 suna fita cikin minti ɗaya da sakan biyar. Abin mamaki ga yaran kansu shi ne jiran layi ya fi rububi sauri.

Yanzu ga kuskuren. Cikin watan Janairu na matsa wa darakta mu yi gwajin makaranta duka ba tare da an sanar da kowa ba, wai don mu ga gaskiyar abin. Ƙarfe goma sha ɗaya aka buga ƙarfen ƙafar motar da muke amfani da shi a matsayin ƙararrawa, wani malami ya yi ihu "Wuta!" Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Yara ba su je inda muka nuna musu sau ɗaya a baki ba. Ƙofar da suka saba bi kullum suka nufa, kuma ƙaramar, domin ita ƙafarsu ta sani. Manyan yara kusan ashirin suka juyo suna kutsawa cikin taron, kowa na neman ƙanensa ko ƙanwarsa. Kafin maigadi ya zare sakata, wata yarinya ƴar aji biyu ta yi tuntuɓe da ƙarfen ƙasan ƙofa ta faɗi, biyu suka faɗa kanta. Daga waje kuma matan unguwa da suka ji ihu suka rugo, wasu ko mayafi babu, suna turowa ciki suna kiran sunayen ƴaƴansu, yara na turowa waje. Allah ya taƙaita, yarinyar leɓe ta fasa, ta kuma gurɗe a hannu. Da yamma na je gidansu. Kakarta ta dube ni ta ce, "Malam, wutar da babu ita ce ta ji wa jikata ciwo?" Ban sami amsa ba, haƙuri kawai na bayar.

A ranar na gane cewa tsoro kaɗai ya isa ya kashe yara a bakin ƙofa. A Kakamega ta ƙasar Kenya, cikin Fabrairun 2020, yara aƙalla 14 suka mutu a turereniya a makarantar firamare lokacin tashi, ba tare da wata gobara ba. Daga wannan rana muka sake tsarin gaba ɗaya, muka gina shi a kan ƙa'ida guda: in an buga ƙararrawa, ba wanda ya nufi ƙofa. Fita mataki biyu ce. Na farko, daga aji zuwa matattara a cikin filin makaranta. Na biyu, in akwai bukata, daga matattara zuwa waje, aji bayan aji, da umurnin mutum ɗaya.

Matattara tana bukatar abu uku: ta yi nesa da abin da ke iya ci da wuta, ta kasance ta gefen da iska ke fitowa, kuma ta ɗauki kowa. Mun lissafa yara biyu a zaune a kowace murabba'in mita, wato murabba'in mita 270, fili mai mita 18 da mita 15. Muka same shi a kusurwar arewa maso gabas, wajen itatuwan dogon yaro, kusan mita 40 daga rumfuna. Muka binne duwatsu takwas da aka shafa wa farar ƙasa, kowane aji da dutsensa. Da sun iso sai su zauna, domin yaron da ke zaune ba ya turi, kuma ana iya ƙidaya shi. Amma iska tana juyawa: daga wajen Mayu zuwa ƙarshen shekarar karatu daga kudu maso yamma take zuwa. Saboda haka akwai matattara ta biyu a kudu maso gabas, gaban azuzuwan siminti. Ba sai an yi dogon tunani ba wajen zaɓe, tutar makaranta ce ke faɗa. Kowace safiya bayan an ɗaga tuta, darakta ya dubi inda take kaɗawa ya ce, "Yau dogon yaro," ko "Yau gaban aji."

Ƙidaya kuwa ba ta yiwuwa da rajista, domin kiran suna 84 ya fi minti biyar, kuma rajistar tana cikin aljihun tebur. Kowane aji yana da ƙaramin allo rataye a bakin ƙofa, inda malami ke rubuta adadin waɗanda suka zo a ranar, misali 77. Malami shi ne na ƙarshen fita: ya duba ƙarƙashin bencina, ya ɗauki allon. A matattara yara su zauna biyar-biyar, layi goma sha biyar da yara biyu, 77 ke nan, an gama cikin rabin minti. In adadi bai cika ba, wuri na farko da ake dubawa makewayi ne, kuma akwai malamin da aikinsa ke nan tun ƙararrawar farko. Muna da yaro ɗaya mai tafiya da sanduna. Wurin zamansa ya koma kusa da ƙofa, da manyan abokai biyu da aka ɗora wa alhakinsa.

Sauran ayyukan ma kowane da mai shi, da kuma mai maye masa in ba ya nan. Maigadi ya buɗe ganye biyu na ƙofa ya tsaya a waje. Darakta ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kuma mun rubuta kwatancen makarantar a jikin bangon ofis, domin mai firgici yakan manta sunan unguwarsu. Malami ɗaya ya fita titi ya tsayar da kabu-kabu da amalanke. Ƙararrawar haɗari ta bambanta da ta hutu: bugu ne ba tsayawa, tare da usur. An hana kowa furta kalmar "wuta" da ihu.

Maganar ƴan'uwa da iyaye ba da doka muka warware ta ba, domin ba dokar da za ta hana uwa neman ɗanta. Mun jera duwatsun matattara yadda ƴan aji shida ke zaune suna kallon ƴan aji ɗaya. Mun gaya wa manya: ƙanenka yana zuwa inda kake zuwa, in ka koma nemansa kai ne za ka tare masa hanya. Iyaye mata kuwa muka gayyace su suka kalli gwaji da idonsu, muka nuna musu filin da ke gaban masallacin unguwa, kimanin mita 150 daga ƙofa, muka ce nan za a kawo muku su, nan za ku jira. Mata huɗu da gidajensu ke kusa suka ɗauki nauyin tsayawa bakin titi su juya sauran zuwa can. Ko a filin ma ba a sakin yaro sai malaminsa ya sa alama, don kada a yi ta neman wanda tuni yana gida.

Gwaji kuma muka koma yin sa daki-daki: aji ɗaya shi kaɗai, da tafiya, an sanar, sannan aji biyu tare, sannan makaranta duka, an sanar da yara da unguwa tun jajibiri. Yanzu sau uku muke yi a shekara, a Oktoba in sababbi sun shigo, a Janairu, da kuma Afrilu. A gwajin da ya fi kyau, kowa ya zauna a matattara cikin minti biyu da rabi, an gama ƙidaya a minti huɗu, kuma fita ta babbar ƙofa, aji biyu a lokaci guda, ƙanana a gaba, ta ɗauki wasu minti huɗu. Alamar da nake dubawa ba agogo kaɗai ba ce. Ina duba ko akwai inda layi ya tsaya, ko akwai yaron da ya juya baya, ko akwai hayaniyar da ta hana a ji muryar malami. In ɗaya daga cikin ukun ya faru, gwajin bai yi ba, ko da lokacin ya yi kyau.

Duk da haka kada in yaudare ku. Tsarin nan yana da iyaka. In wuta ta taso daga gidajen da ke jikin ƙofa, ko wani haɗari ya shigo ta ƙofar kanta, yaranmu suna zaune lafiya a kusurwar da ba ta da mafita. Maganin wannan ɗaya ne: ƙofa ta biyu, a katangar da ke nesa da ta farko. Akwai lungu a bayan katangarmu ta gabas. Magini da mai walda sun ce jika ɗari da ashirin za su fasa katanga su sa ƙofa mai faɗin mita ɗaya da santimita 40, mai buɗewa waje, marar ƙarfe a ƙasa. Dattijon da lungun ya bi ta ƙofar gidansa ya ƙi da farko, yana tsoron yara su mayar da shi hanya. Sai da limamin unguwa ya raka mu, muka yi alkawarin ba za a buɗe ta ba sai ranar gwaji ko ranar haɗari. Kuɗin kuwa sai da muka shekara biyu muna tarawa, dala ashirin-ashirin, domin a Adar rabin iyaye maza suna ci-rani a Abidjan ko Libiya, kuma ba kowane wata saƙo ke zuwa ba. A shekaru biyun nan abin da muka dogara da shi tsani biyu ne da muka jingine a kusurwar, kuma na san tsani ba zai fitar da yara 540 ba.

An sa ƙofar a ƙarshe. Rumfunan zana kuwa suna nan, kuma ba mu kaɗai ba ne: gwamnati da kanta ta taɓa cewa azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai kimanin 36,000. Ba malami ne zai gina su da siminti ba. Abin da ke hannun malami da uba shi ne agogo da igiyar awo da shebur. Gobe in an tashi, ka tsaya bakin ƙofar makarantar ɗanka minti ɗaya, ka ƙidaya masu fita, ka tambayi darakta yawan ɗalibai, ka raba. Sannan ka tambaya a aljihun wa mabuɗin babbar ƙofa yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗiyata yanzu ta girma, ta kai ajin da ke zama a zana. Ranar da aka mayar da su can, da ta dawo gida ban tambaye ta abin da aka koya musu ba. Na ce, "Mafita nawa ce a rumfarku?" Ta ce, "Biyu, Baba. Ni ta baya ce tawa." Allah ya tsare mana su, ya jiƙan na Yamai da na Maraɗi.